Burodi Ya Tashi: Da Wane Baki Za A Gaya Wa Mai Shayi?

Da asuba, kafin rana ta fito, masu babura sun riga sun yi layi a ƙofar gidajen burodi a Kano, kowa da katakon lodinsa ɗaure a baya. Mafi yawansu ba da kuɗi a hannu suke ɗauka ba, sai sun zaga sun rarraba wa masu shayi da masu shaguna, da yamma su dawo su yi lissafi. A irin wannan safiya, babu abin da ke tayar da hayaniya kamar yaron gida ya leƙo ya ce, "Oga ya ce daga yau an ƙara ɗari." Mai babur ya riga ya yi wa mutanensa alkawari a kan tsohon farashi, kuma shi ne zai je ya sha baƙar magana a bakin teburin mai shayi.

Ƙarin kansa ba baƙon abu ba ne. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500. A watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Tun da mafi yawan alkamar da ake niƙawa a Najeriya daga waje ake shigo da ita, fulawa ta bi dala, sukari da bota da yis suka mara mata baya. Duk wanda ke shiga Kasuwar Singa ya ga wannan da idonsa. Saboda haka ba a cika yin rigima a kan ko ƙarin ya halatta ba. Abin da ke ɓata ran mutane shi ne yadda labarin ya zo musu, da kuma ko adadin ya yi daidai da dalilin.

Mai gidan burodin da ya san aikinsa daga littafinsa yake farawa. A ɗauki misali, da alƙaluman da aka sauƙaƙa don lissafi ya fito fili. A ce buhun fulawa mai kilo 50 yana fitar masa da manyan burodi 100. Buhun ya tashi da naira 8,000, wato naira 80 ke nan a kan kowane burodi. Sukari da bota da yis na kwaɓi ɗaya sun ƙaru da 2,000, leda da itacen gashi da man injin kwaɓi su ma 2,000. Jimla, kowane burodi ya ƙara cin naira 120. Da yana bai wa mai babur a 900, shi kuma ya kai wa mai shayi a 1,000.

Nan ne hankali ke aiki. Idan ya ƙara 120 cif, ya jefa kowa cikin rikicin canji, domin 'yan naira ashirin da goma sun yi wuya a hannun mutane. Idan ya ce bari ya ƙara 200 tun da ƙofa ta buɗe, mai babur ma yana da ɗan'uwa a Singa, zai ji kuɗin buhu ya buga nasa lissafin. Abin da ya fi tsafta shi ne ya ƙara 100, ya haɗiye 20, kuma ya faɗi haka da bakinsa.

Sai kuma wa za a fara gaya wa. Masu babura ne, domin su ne bakin gidan a cikin gari. A zaunar da su da yamma bayan an gama lissafi, ba da asuba ana tsaka da lodi ba. Maganar ba ta buƙatar tsawo: "'Yan'uwa, ga rasiɗin fulawa na watan jiya, ga na wannan makon. Kowane burodi ya ƙaru mana da ɗari da ashirin. Za mu ɗora ɗari, ashirin ɗin mun ɗauka. Ba yau ba, sai ranar Litinin. Ɗarinku ta sama tana nan, ba mu taɓa ta ba." Akwai adadi a ciki, akwai dalilin da za a iya dubawa, akwai rana. Wanda ya ji wannan yana da abin da zai maimaita idan an tsare shi da tambaya, saɓanin wanda aka sallama da "ai ka san halin ƙasa", maganar da ta gama tsufa a kunnen mutane har ba ta gamsar da kowa.

Kwanaki huɗu ko biyar na sanarwa ba alfarma ba ce. Mai shayi yana yanka burodin naira 1,000 gida biyar, ya sayar da kowane yanki 250, ya tashi da ribar 250. Ranar da burodin ya koma 1,100, ribarsa ta faɗo 150, kusan rabi ya tafi. Dole ya zaɓa: ko ya mai da yanki 300, ko ya yanka gida shida. Kowanne ya zaɓa, sai ya fara shirya kunnen 'yan acaɓa da leburorin da ke karyawa a wurinsa kullum, waɗanda wasunsu ma a littafin bashi suke. Shi ma bashin yana da ƙa'idarsa: kayan da aka ɗauka kafin Litinin, a tsohon farashi za a biya su. Mai gidan da ya lissafa tsohon bashi da sabon kuɗi ya ci ɗari ɗaya ya rasa abokin ciniki.

Akwai hanyar da mutane da yawa ke bi don gudun wannan zama gaba ɗaya, wato a bar farashi yadda yake a rage curin kwaɓi a ɓoye. Ba ta daɗewa. Mai shayi shi ne ma'aunin da ba ya kuskure, wuƙarsa ta san inda take sauka, ranar da yanki na biyar ya fito siriri ya gane. Matar gida ma tana ganewa idan burodin da ke isar yara huɗu ya ƙare a na uku. Wasu kuma sukan rage sukari su cike da sakarin, ko su sa sinadarin da ke kumbura burodi ya cika leda alhali iska ce a ciki, irin wanda hukumar NAFDAC ta haramta. A garin da yara ke haddace Suratul Muɗaffifina tun suna ƙanana, sunan mai tauye mudu ba ya goguwa da sauri.

Rage girma ba laifi ba ne idan an faɗa. Hasali ma yana cikin mafi amfanin hanyoyin sassauci. Gidan zai iya cewa babban burodi ya koma 1,100 da nauyinsa na da, sannan ga wani matsakaici an fito da shi na 700, ƙaramin na 200 da ɗalibai da almajirai ke saya kuma an bar shi a kuɗinsa, amma an ɗan rage shi. Mai naira 1,000 a aljihu ba zai koma gida hannu rabbana ba, kuma ya san abin da ya saya. A rubuta wannan a kwali, da Hausa, da manyan baƙaƙe, a manna a ƙofa, a kuma tura saƙon murya ta waya ga masu shagunan da ba sa zuwa da kansu.

Wuri guda da masu kyakkyawar niyya ke zamewa shi ne alkawari. Don a kwantar da hankali, sai mai gida ya ce da zarar fulawa ta sauka zai sauke. Mutane suna riƙe wannan magana. Watanni bayan haka buhu ya sauko da 3,000, mai babur ya zo da fara'a yana tuni, alhali kuɗin itace da albashin ma'aikata sun cinye ragin. Gara tun farko a ɗaura alkawarin a kan lamba: "Idan buhu ya dawo kaza, kuma ya zauna a nan wata guda, za mu cire hamsin." Da wannan mai babur zai iya leƙa Singa da kansa ya tambayi kuɗin buhu kafin ya zo ƙofar gidan burodin.