Canjin Sefa 400: Lissafin Biyan Kuɗi da Sulalla Mafi Ƙaranci

Duk wanda ya taɓa zama a bayan kanta ko teburin sayar da kaya yana da wata dabara ta bayar da canji wadda babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Yana fara ɗaukar kuɗi mafi girma da bai haura canjin ba, ya cire shi, ya dubi abin da ya rage, ya sake yin haka har canjin ya cika. Idan zai mayar da naira 880, zai miƙa 500, da 200, da 100, da 50, da 20, da 10. Takarda shida ke nan, kuma babu yadda za a yi a haɗa 880 da ƙasa da haka. Masana lissafi suna kiran wannan hanya dabarar haɗama, domin kullum babbar loma take fara kai wa baki.

Dabarar tana aiki da naira saboda yadda aka jera takardunta: 5, 10, 20, 50, 100, 200, 500 da 1000. To amma bari mu tsallaka iyaka zuwa Maraɗi ko Damagaram, inda ake ciniki da sefa. A cikin sulallan sefar Afirka ta Yamma akwai na 50, na 100, na 200 da na 250. A ce mai sayayya yana bin canjin sefa 400, wato dala tamanin a ƙidayar kasuwa. Dabarar haɗama za ta fara da 250, saura 150, ta ɗauki 100, ta ƙarasa da 50. Ƙwaya uku. Alhali kuwa ɗan yaron kanti ma ya san 200 biyu sun biya buƙata. Babbar lomar farko ita ce ta ɓata lissafin, domin ta bar ragowar da ba ta biyuwa da ƙwaya ɗaya.

Mutum yakan gano irin wannan da ido idan kuɗin kaɗan ne. Na'ura kuwa, kamar injin sayar da tikiti ko manhajar da ke lissafin canji, tana buƙatar ƙa'idar da ba ta kuskure ko da wane irin jerin sulalla aka ba ta. Ƙa'idar ta fito ne daga aikin wani masanin lissafi Ba'amurke, Richard Bellman, wanda ya tsara ta a shekarun 1950 lokacin da yake aiki a cibiyar bincike ta RAND, ya kuma wallafa littafinsa mai suna Dynamic Programming a 1957. Da Hausa za mu iya kiranta dabarar gini daga tushe: a warware ƙananan tambayoyi tukuna, a rubuta amsoshinsu a ajiye, sannan a ɗora manyan a kansu.

Sirrin yana cikin sauya tambayar. Maimakon a ce da wace ƙwaya zan fara, sai a ce da wace ƙwaya zan ƙare. Duk yadda aka haɗa 400, dole ƙwayar ƙarshe ta zama ɗaya daga cikin huɗun nan. Idan 50 ce, to kafin ita an haɗa 350. Idan 100 ce, an haɗa 300. Idan 200 ce, an haɗa 200. Idan 250 ce, an haɗa 150. Saboda haka in mun riga mun san amsa mafi ƙaranci ta 350, 300, 200 da 150, aiki ya ƙare: mu zaɓi mafi ƙanƙanta a cikinsu, mu ƙara ɗaya. Dalilin ingancin wannan a fili yake. Idan hanyar da ta fi kyau wajen haɗa 400 ta bi ta kan 200, to lallai ta haɗa wannan 200 ɗin ma ta hanya mafi kyau, don da akwai wadda ta fi ta, da mun musanya mun rage yawan sulallan gaba ɗaya.

Yanzu sai mu gina jadawalin daga ƙasa. Sifili yana buƙatar ƙwaya sifili, wannan shi ne harsashin ginin. Sefa 50 ƙwaya ɗaya ce, 100 ma ɗaya. A 150 hanya biyu ce: ko a koma 100 a ƙara 50, ko a koma 50 a ƙara 100, duka biyun suna ba da biyu. A 200 akwai hanyar komawa sifili kai tsaye da ƙwayar 200, amsa ɗaya. Haka 250, amsa ɗaya. A 300 a koma 250 a ƙara 50, amsa biyu. A 350 a koma 250 a ƙara 100, amsa biyu. Ga jadawalin a taƙaice:

```
adadi:  0  50  100  150  200  250  300  350  400
amsa:   0   1    1    2    1    1    2    2    2
```

Da aka iso 400, hanyoyi huɗu aka auna. Ta 350 ta ba da uku, ta 300 ta ba da uku, ta 150 ta ba da uku, ta 200 ta ba da biyu. Biyu ta yi nasara. Abin lura shi ne ba a sake lissafa komai ba. Amsar 150 sau ɗaya aka nemo ta, amma an leƙa ta wajen 200, 250, 350 da 400. Wanda bai ajiye amsoshi ba zai dinga maimaita tambaya ɗaya sau da yawa, kuma maimaicin yana ninkuwa yayin da adadin ke girma, har ya kai inda kwamfuta za ta daɗe ba ta gama ba.

Saura wani ɓangare da ya fi kayar da masu koyo: adadin da ba ya haɗuwa sam. A ce yamma ta yi, ƙananan sulalla sun ƙare a aljihun tebur, 200 da 250 kawai suka rage, amma suna da yawa. Sefa 50, 100 da 150 ba sa biyuwa, sai mu rubuta musu "babu". Sefa 200 da 250 kowanne ƙwaya ɗaya. A 300, komawa baya da 200 yana kai mu 100, komawa da 250 yana kai mu 50, duka biyun babu, don haka 300 ma babu. Haka 350. Sefa 400, 450 da 500 kowanne ƙwaya biyu. A 550 hanyoyin suna komawa 350 da 300, duka a toshe, babu. A 600 hanyar 350 a toshe take, amma ta 400 a buɗe, amsa uku.

Wannan 600 tana nuna aibin haɗama na biyu, wanda ya fi na farko muni. Haɗama za ta ɗauki 250 sau biyu, saura 100, ta tsaya cik ta ce canji ba ya yiwuwa, alhali 200 uku na nan a aljihu. Mai kanti a Kano yakan ci karo da irin wannan ranar da ba shi da naira 5 da 10: in zai ba da 60, fara miƙa 50 ba ya kai shi ko'ina, 20 uku ne mafita. Jadawalin kuwa ba ya cewa babu sai ya auna kowace hanya ya same ta a rufe.

Ana iya sanin wasu adadin da ba za su haɗu ba tun kafin a zana jadawali. Tunda 50 tana raba 200 da 250 ba saura, duk adadin da 50 ba ta raba shi, kamar 425, ba zai taɓa haɗuwa ba. A cikin waɗanda take rabawa kuwa, 550 ne na ƙarshe da ya gagara. Masanin lissafi na Ingila James Joseph Sylvester ya yi aiki a kan wannan a ƙarni na 19, kuma ƙa'idar ita ce: idan lambobi biyu ba su da mai raba su tare sai ɗaya, adadi mafi girma da ba sa haɗawa shi ne a × b − a − b. Raba 200 da 250 da 50, ka samu 4 da 5. Huɗu sau biyar ashirin, cire tara, saura 11. Sau 50, ya zama 550. Daga 600 zuwa sama, duk adadin da 50 ke rabawa yana biyuwa.

Ga yadda ake rubuta dabarar gaba ɗaya a harshen Python:

```python
def canji(sulalla, adadi):
    babu = adadi + 1
    t = [0] + [babu] * adadi
    for a in range(1, adadi + 1):
        for s in sulalla:
            if s <= a and t[a - s] + 1 < t[a]:
                t[a] = t[a - s] + 1
    return t[adadi] if t[adadi] < babu else -1
```

Idan aka kira `canji([50, 100, 200, 250], 400)` za a samu 2, `canji([200, 250], 550)` kuma zai dawo da -1, alamar cewa ba ya yiwuwa. Dubi lambar da aka zaɓa ta tsaya a madadin "babu", wato `adadi + 1`. An zaɓe ta ne saboda ko da ƙwayar 1 zalla za a biya, yawan sulallan ba zai wuce adadin kansa ba, don haka duk amsa ta gaskiya tana ƙasa da ita. Wanda ya cika jadawalin da sifili a madadinta ya gaya wa na'ura cewa kowane adadi kyauta ake haɗa shi, kuma zai ga amsa sifili tana fitowa ko'ina. Wanda kuma ya yi amfani da 2147483647, lamba mafi girma da `int` ke ɗauka a harshen Java, ya ƙara mata ɗaya ba tare da ya duba ba, lambar za ta kife ta koma ƙasa da sifili, ta zama ita ce mafi ƙanƙanta, ta gurɓata duk abin da ke gabanta. Alamar wannan kuskure ita ce amsa mai ɗauke da alamar ragi da lambobi barkatai.

Dabarar tana da iyakokinta. Yawan aikinta shi ne adadin sau yawan nau'in kuɗi: naira miliyan ɗaya da takardu iri takwas na cin kimanin matakai miliyan takwas. Raba komai da 5 tun farko yana mayar da su miliyan ɗaya da dubu ɗari shida. Sannan ta ɗauka cewa kowace ƙwaya tana nan ba adadi. In 200 ɗaya tak ta rage a aljihu, amsar 400 ta koma uku, kuma sai an faɗaɗa lissafin ya riƙa kula da yawan kowane nau'i. Bugu da ƙari, yawan sulallan kaɗai take faɗa. Mai son sanin ko waɗanne ne sai ya buɗe jadawali na biyu, ya riƙa rubuta ƙwayar da ta yi nasara a kowane adadi, sannan ya bi sawu daga 400 zuwa 200, daga 200 zuwa sifili.

Mai karatu, in ka rubuta wannan da hannunka, kada ka amince da shi sai ka gwada shi da tambayoyi huɗu. Adadin sifili ya ba ka 0. Sefa 400 da sulalla huɗun nan ta ba ka 2. Sefa 550 da 200 da 250 ta ba ka -1. Sefa 600 da su biyun ta ba ka 3. In ɗaya ta kuskure, koma ka duba harsashin jadawalin da alamar "babu", domin a nan ɓarakar ta fi yawan ɓoyewa.