Gyaran Launi a Fim: Yadda Ake Fito da Baƙar Fata Idan Hasken Rana Ya Haɗu da na Ƙwan Lantarki

Wanda ya saba kallon finafinan Kannywood ya san irin wannan fitowa: jaruma na zaune a falo, taga a hagunta, ƙwan lantarki a damanta. Sai ka ga kuncinta ɗaya ya yi toka-toka, ɗayan kuma ya yi ja kamar manja. Ba laifin kwalliya ba ne, haske biyu ne suka haɗu a fuska ɗaya.

Kowane haske yana da launinsa, ana kuma auna shi da ma'aunin Kelvin. Hasken rana yana kusan 5600, shi ya sa yake karkata ga shuɗi. Ƙwan lantarki mai rawaya yana tsakanin 2700 da 3200. Idon mutum yana daidaita su da kansa, amma kyamara ɗaya kawai take iya ɗauka a matsayin fari. Matsalar ta fi fitowa a baƙar fata, domin ƙyallin goshi da kumatu yana ɗaukar launin hasken da ya faɗa masa.

A manhajar DaVinci Resolve, mai gyara zai fara duba hasken da ya fi rinjaye a fuska. A nan taga ce. Sai ya nemi wani farin abu a ɓangaren tagar, kamar mayafi, ya juya Temp har mayafin ya zama fari tas. Yanzu ɓangaren ƙwan zai ƙara yin ja, kuma haka ake so, domin matsalar ta koma wuri ɗaya.

Daga nan sai ya kewaye wancan kuncin da Power Window, ya tausasa gefensa sosai, ya sa shi ya riƙa bin motsin kanta, sannan ya rage rawayar a hankali. Kada ya kawar da ita gaba ɗaya, tunda mai kallo yana ganin ƙwan a ɗakin.

Shaidar aiki ita ce Vectorscope. Akwai layi tsakanin ja da rawaya wanda fatar ɗan Adam, fara ko baƙa, take faɗawa kusa da shi. Idan kumatun biyu sun hau layin, launi ya zauna.

Babban kuskure shi ne ƙara haske don fuska ta "fito". Yin haka yana kashe zurfin fatar, ya mayar da ita fari-fari, ya kuma fito da dishi-dishi a inuwa. Baƙar fata ba duhun da za a gyara ba ce.

Gyara ma yana da iyaka, musamman a hoton waya da ba ya jure matsi. Saboda haka, mai ɗaukar hoto, kafin ka ce a fara, kashe ƙwan ko ka rufe tagar. Haske ɗaya a fuska ya fi dogon gyara a kwamfuta.