Tunatarwa nawa aka yi aiki da su? Yadda ƙungiyar manoma za ta tace saƙonninta a ƙarshen kowane wata

Da zarar damina ta kankama a Funtua, Bakori, Kafur da Malumfashi, wayar manomi ba ta samun hutu. Sakataren ƙungiya zai turo saƙo kan taki, mai sayar da maganin feshi ya turo nasa, wani ya yaɗa hasashen ruwan sama na hukumar NiMet a zauren WhatsApp, malamin gona kuma ya ƙara da gargaɗi kan tsutsa. Kowa yana iya faɗin adadin saƙonnin da ya aika. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne: cikin waɗannan saƙonni, wanne ne ya sa aka yi wani aiki a gona?

Tambayar ba ƙarama ba ce. Idan saƙonni suka yi yawa, mutum yakan daina buɗe su gaba ɗaya, sai wanda ke da muhimmanci ya nutse cikin marasa amfani. Maganin wannan shi ne zama sau ɗaya a wata domin a bi tunatarwar da aka aika ɗaya bayan ɗaya, a gano wadda aka yi aiki da ita, sannan a yanke hukuncin wadda za a bari, wadda za a gyara da wadda za a goge.

Aikawa daban, aikatawa daban

Najeriya ta taɓa ganin wannan darasi a matakin ƙasa. A shekarar 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, gwamnatin tarayya ta fara shirin GES, inda ake tura wa manomin da ya yi rajista saƙo a waya ya je cibiya ya karɓi buhu biyu na taki a rabin farashi. Manoma da yawa sun amfana, amma an yi ta kokawa kan ƙauyukan da ba su da sabis, da takin da ya iso bayan lokacinsa ya wuce, da waɗanda suka ga saƙon amma ba su da rabin kuɗin da ake nema. Yawan saƙon da aka tura bai taɓa zama daidai da yawan gonakin da taki ya shiga ba.

Kudancin Katsina ma yana da nasa misalin. A watan Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Funtua, Bakori, Malumfashi, Dandume, Faskari da Sabuwa. Rufewar ta faɗo a daidai lokacin da amfanin gona ke nuna. Duk wanda ya ci gaba da tura saƙo daga Katsina ko Zariya a lokacin yana da shaidar ya aika, alhali babu wanda ya karanta.

Yadda zaman tantancewar yake

Aikin ba ya buƙatar kwamfuta. Littafin rubutu guda da mutum biyu ko uku sun isa. A shafi ɗaya sakatare zai jera dukkan tunatarwar watan, a gaban kowace ya rubuta aikin da aka so a yi da kuma wa'adinsa. Tun a nan wasu saƙonnin ke faɗuwa, domin idan ba a iya rubuta aikin a jimla ɗaya ba, to saƙon bai umarci kowa da komai ba.

Mataki na biyu shi ne neman shaida. Ba a tambayar manomi, “Ka bi saƙonmu?” domin kunya za ta sa ya ce ya bi. Ana tambayarsa ranar da ya zuba taki, da buhu nawa, ko kuma a leƙa gonar. Masarar da ta rasa yuriya ba ta ɓoyuwa: ganyen ƙasa yakan yi ɗorawa, ya fara daga tsini yana bin tsakiyar ganyen.

Mataki na uku shi ne a ƙirga waɗanda saƙon ya shafa kaɗai. Wanda ya shuka waken suya ko auduga ba ya cikin lissafin saƙon masara. Sai na huɗu, wanda ya fi kowanne nauyi: ga duk wanda bai yi aikin ba, a nemi dalili. Dalilan kusan kullum huɗu ne. Ko saƙon bai iso ba, ko ba a fahimce shi ba, ko ya zo ba a kan lokaci ba, ko kuma an fahimta sarai amma babu halin aikatawa.

Misali daga watan Yuli

A ƙaddara wata ƙungiya ce mai mambobi 40 a wani ƙauye tsakanin Funtua da Bakori, ta zauna a ƙarshen Yuli da saƙonni uku a gabanta. Alƙaluman na misali ne kawai, domin a ga yadda lissafin ke tafiya.

Saƙo na farko ya ce: “A zuba yuriya ranar 15 ga Yuli.” Mambobi 30 ne ke da masarar da ta isa taki na biyu a cikin watan. An tarar 12 sun zuba a kan kari, 18 ba su yi ba. Mai gaggawa zai ce saƙon ya gaza, a goge shi. Amma da aka bi dalilai sai hoton ya sauya: mutum 4 saƙon bai kai gare su ba saboda wayar tana hannun ɗa ko miji, 5 sun yi shukar wuri don haka ranar ta zo musu a makare, 9 kuma ba su da kuɗin buhun yuriya.

Mutum huɗun farko gyaran hanya suke buƙata: a sauya lamba, ko a sanar bayan sallar Juma'a. Mutum biyar ɗin kuwa sun fallasa kuskuren da ke cikin saƙon kansa. Masara ba ta bin kalanda, tana bin ranar da aka shuka ta. Shawarar da masana suka saba bayarwa ita ce a sa takin kamfa a makonni biyun farko, sannan yuriya a tsakanin mako huɗu zuwa shida bayan shuka. Tunda shuka tana bin saukar ruwa, tazara tsakanin gona da gona kan kai makonni. Saboda haka sai a sake rubuta saƙon: “Idan masararka ta cika mako huɗu da shuka, ka zuba yuriya kafin ta wuce mako shida. Ka tona rami kaɗan a gefen tushe, ka zuba, ka rufe, lokacin da ƙasa ke da danshi.” Ƙarin bayanin rufewa yana da dalili: yuriyar da aka watsa a saman ƙasa aka bari a fili, wani ɓangaren sinadarinta yakan bi iska.

Sauran mutum tara fa? Babu irin gyaran kalmomin da zai sa buhu ya sauka a gidansu. Za mu dawo kansu.

Saƙo na biyu ya ce: “A kula da tsutsa.” An tura shi sau shida, kowa ya gani, amma babu wanda zai iya cewa ga abin da ya yi. Tsutsar nan mai cin masara, wadda aka fara ganinta a Najeriya a 2016, tana ɓuya ne a cikin kunnen masara, kuma idan ta girma magani ba ya cika kama ta. Don haka goge saƙon haɗari ne, barinsa a yadda yake kuma ɓata lokaci. Gyaransa shi ne a mayar da “kula” ta zama aikin da za a iya ƙirgawa: “Gobe da sassafe ka ratsa gonarka, ka tsaya a wuri biyar, ka duba tushe goma a kowane wuri. Ka turo mana adadin waɗanda ka ga sabon ci ko kashin tsutsa a kunnensu.” Tushe 50 ke nan. Idan kusan 10 daga ciki sun kamu alhali masarar tana ƙarama, lokacin ɗaukar mataki ya yi. Sabon saƙon yana da wata fa'ida: amsar da aka turo ita ce shaidar da za a duba a zaman wata mai zuwa.

Saƙo na uku ya ce: “A yi noman maimai.” Kusan kowa ya yi. A takarda shi ne ya fi nasara, kuma shi ne ya fi cancantar gogewa. Manomin Kafur ba ya jiran waya ta gaya masa ciyawa ta taso. Yin aiki bayan saƙo ba ya nufin saƙon ne ya jawo shi. Idan ana shakka, sai a daina tura shi ga rabin mambobi na wata guda. In ba a ga bambanci ba, an sami amsa.

Inda gogewa ke da haɗari

Akwai tunatarwar da ba a auna ta da yawan masu aiki da ita. Gargaɗin kada a yi feshi ba tare da rufe hanci da hannu ba, ko kada a zuba ruwan sha a jarkar magani, ko a kiyaye kwanakin da ke rubuce a jikin kwalba tsakanin feshi da tsinkar tumatir, duk suna kare rai ne. Ko mutum biyu ne suka bi, ba a goge su. Ana dai rage maimaicinsu, a ɗaura su da lokacin da aikin ke faruwa, a kuma mayar da su saƙon murya domin wanda bai karanta boko ba.

Haka kuma a bambance gogewa da ajiyewa. Saƙon shanya masara sosai kafin a zuba ta a buhu ba shi da aiki a Yuli, amma a Oktoba shi ne kan gaba. Wannan ne ma dalilin da ya sa wata ɗaya ya dace: a cikin mako guda aikin bai gama bayyana ba, idan kuma aka jira ƙarshen damina, gyaran sai baɗi.

Shafin da ya kamata hukuma ta gani

Mu koma kan mutum taran nan. A littafin ƙungiya, sunansu yana shiga wani shafi na daban: saƙon ya iso, an fahimta, babu hali. Nan ne ake rubuta wanda taki ya fi ƙarfin aljihunsa, da wanda gonarsa ke nesa da gari inda ba ya iya zuwa saboda tsoron 'yan bindiga. Ci gaba da tura wa irin wannan mutum tunatarwa tamkar ɗora masa laifin abin da ba shi ya jawo ba ne.

Wannan shafin ba na gyaran saƙo ba ne, na miƙawa ne: ga kansila, ga sashen noma na ƙaramar hukuma, ga hukumar KTARDA, ga ɗan majalisar yankin. Ƙungiyar da ta zo da rubutaccen bayani na wata uku a jere, cewa mutum kaza sun san lokacin taki amma bai iso gare su ba, ta fi ƙarfin a sallame ta da jawabi.

Matasan da ke riƙe da zaurukan WhatsApp na ƙungiyoyi su ne suka fi kusa da wannan aiki. Su ne kuma za su iya juya tambayar zuwa sama. Duk lokacin da wani shiri ya sanar cewa ya “wayar da kan” dubban manoma ta waya, a nemi sauran lissafin: mutum nawa ne suka yi aikin, ta yaya aka tabbatar, kuma me ya hana ragowar?