Yadda ake haɗa jadawalin da ke nuna injin da lokacin sabis ɗinsa ya wuce

A shaguna da ofisoshi da dama, babu wanda yake tuna ranar da aka canza wa janareta baƙin mai sai ya fara fitar da hayaƙi ko ya mutu ana tsakiyar aiki. Wasu suna rubuta ranar a littafi, amma littafi ba ya tunatarwa. Manhajar Excel kuwa tana da wani tsari mai suna Conditional Formatting, wanda yake sauya launin layi da kansa idan wani sharaɗi ya cika. Da shi ake haɗa jadawalin da ana buɗe shi za a ga injin da ya wuce lokacinsa ya yi ja.

Da farko ana tsara kanun jadawalin a layi na ɗaya. A akwatin A1 a rubuta sunan inji, a B1 aikin da za a yi masa, a C1 ranar sabis na ƙarshe, a D1 tazarar kwanaki, a E1 kuma ranar sabis na gaba. Kowane aiki layinsa daban, domin canjin baƙin mai da canjin filta ba lallai tazararsu ta zama ɗaya ba. Ita tazarar daga littafin da ya zo tare da injin ake ɗauko ta.

Ranar sabis na gaba ba da hannu ake rubuta ta ba. Excel tana ɗaukar kowace rana a matsayin lamba, saboda haka tana iya tara kwanaki a kanta. A E2 sai a rubuta wannan lissafi, a ja shi zuwa ƙasa, sannan a mayar da akwatunan zuwa tsarin Date:

```
=IF(C2="","",C2+D2)
```

Ma'anarsa ita ce, idan ba a sa ranar sabis ba a bar akwatin fanko, idan an sa a tara ta da tazarar.

Daga nan sai a zaɓi akwatuna daga A2 zuwa H200, a shiga Home, a danna Conditional Formatting, sannan New Rule, a zaɓi Use a formula to determine which cells to format. A gurbin da ya fito a rubuta:

```
=AND(ISNUMBER($E2),$E2<TODAY())
```

Sai a danna Format, a shiga Fill, a zaɓi ja. Kalmar TODAY() ita ce take ɗauko ranar yau daga kwamfuta. Alamar $ da ke gaban E tana sa duk akwatunan layin su riƙa duba E, ta haka layin yake yin ja gaba ɗaya. Ba a sa ta a gaban 2 ba domin kowane layi ya duba tasa ranar. Idan aka rubuta $E$2, jadawalin duka zai bi injin farko kaɗai.

Ana maimaita matakan don ƙa'ida ta biyu, wadda take yin gargaɗi da ruwan ɗorawa idan saura mako ɗaya ko ƙasa da haka:

```
=AND(ISNUMBER($E2),$E2>=TODAY(),$E2<=TODAY()+7)
```

A ɗauki misalin wani shagon buga takardu da ya buɗe jadawalinsa ranar 3 ga Maris, 2025. An wanke filtar na'urar sanyaya ɗaki ranar 10 ga Janairu, tazararta kwana 30. Ranar wanki na gaba ta kama 9 ga Fabrairu, wato an makara da kwana 22, don haka layin ya yi ja. Janareta kuwa an canza masa mai ranar 3 ga Fabrairu, an sa masa tazarar kwana 90. Lissafi ya ba da 4 ga Mayu, layinsa bai sauya launi ba.

Sai dai a nan ne jadawalin da ya dogara da kwanan wata kaɗai yake yaudarar mai shi. Baƙin man janareta yana gajiya ne gwargwadon awannin da injin ya yi yana aiki, kuma a janaretocin dizal da yawa ana canza shi bayan kimanin awa 250. Idan rashin wuta ya sa shagon yana kunna shi awa 10 kullum, a cikin kwana 28 ya yi awa 280. Ya riga ya wuce iyakarsa da awa 30 alhali jadawalin yana nuna saura wata biyu.

Maganin wannan shi ne ƙara kanu uku. A F1 a sa awannin da mitar injin ta nuna ranar sabis, a G1 abin da take nunawa yanzu, a H1 tazarar awanni. A misalin shagon za a rubuta 1200 da 1480 da 250. Sai a ƙara wata ƙa'idar ta ja:

```
=AND($H2>0,$G2-$F2>=$H2)
```

Yanzu layin zai yi ja da duk wanda ya riga cika, kwanaki ko awanni. A Manage Rules a ɗaga ƙa'idojin ja su kasance sama da ta ruwan ɗorawa, domin idan biyu suka cika tare, launin ta sama ake gani. Wajibi ne kuma a ɗora wa mutum guda alhakin karanta mitar a kalla sau ɗaya a mako, in ba haka ba lambar G za ta tsaya inda take.

Kuskuren da ya fi ɓata irin wannan jadawali yana cikin rubuta kwanan wata. A Najeriya rana ake fara rubutawa kafin wata, amma kwamfutoci da yawa suna kan tsarin Amurka da ke fara wa da wata. A irinsu, wanda ya rubuta 03/02/2025 yana nufin 3 ga Fabrairu, Excel za ta ɗauka 2 ga Maris ce, ta ƙara wa injin kusan wata guda ba tare da wata alama ba. Idan kuma aka rubuta 25/02/2025, babu wata na 25, sai ta ɗauke shi rubutu kawai. Ana gane haka da ya jingina a gefen hagu na akwatin maimakon dama, E kuma ta nuna #VALUE!, layin ba zai taɓa yin ja ba.

Don kauce wa na farko, a sa akwatunan C su riƙa nuna sunan wata ta hanyar Format Cells, a zaɓi Custom, a rubuta dd-mmm-yyyy. Don kama na biyu, a ƙara ƙa'ida mai launin toka, wadda take tona duk injin da aka rubuta sunansa amma ba shi da ingantacciyar rana:

```
=AND($A2<>"",NOT(ISNUMBER($E2)))
```

Kafin a dogara da jadawalin, a gwada shi da ranar bara a wani layi a ga ko zai yi ja, sannan a goge. A kuma tabbatar agogon kwamfutar daidai yake, tunda daga gare shi TODAY() take karanta rana. Launin ba ya aika saƙo, sai an buɗe fayil ake ganin sa, don haka ya kamata a tsayar da safiyar da za a riƙa duba shi kowane mako. Duk ranar da makanike ya kammala sabis, a sabunta C da F nan take, jan zai gushe da kansa.