Yadda ɗaliban haɗa magunguna ke haddace sunaye da illolinsu ba tare da sun kuɓuce musu ba

Ɗalibin da ya karanta babin magungunan hawan jini sau biyar yakan ɗauka ya riƙe shi, alhali idonsa ne kawai ya saba da shafin. Tun a shekarar 1885 Hermann Ebbinghaus, masanin nan na Jamus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, daga bisani ta lafa. Dabaru biyu ke magance wannan: rufe littafi a tilasta wa ƙwaƙwalwa ta lalubo amsa da kanta, da maimaita hakan bisa tazarar da ke ƙaruwa.

Ana farawa ne da dangin magani, domin ƙarshen suna yakan bayyana shi. Lisinopril da enalapril da captopril, kamar yadda ake buga su a manhaja, duk sun ƙare da -pril. Suna toshe sinadarin da ke samar da abin da ke tsuke jijiyoyin jini. Wannan sinadari shi ne kuma ke rusa biradikinin, don haka idan aka toshe shi sai biradikinin ya taru, ya haddasa busasshen tari ga wasu marasa lafiya.

Daga nan ake yanko katuna, kowanne da tambaya ɗaya a gaba, amsa a baya. Na farko: wane dangi ne lisinopril? Na biyu: me ya sa yake sa tari? Na uku: da me ake musanya shi idan tarin ya dame mai sha? Amsar ita ce dangin -sartan, irin su losartan, waɗanda ba sa tara biradikinin. Na huɗu: wa aka hana? Mai juna biyu, kuma haramcin ya shafi dangin biyu, saboda suna cutar da ƙodar ɗan tayi.

Dole ne a furta amsa kafin a juya kati. Wanda aka ci, a sake duba shi bayan kwana 1, sannan 3, 7, 14 da 30, misali. Wanda aka faɗi kuwa ya koma farko. Ana iya yin haka da kwalaye, bisa tsarin da Sebastian Leitner ya yaɗa a 1972, ko da manhajar Anki mai lissafa ranakun da kanta.

Matsala takan taso ne idan aka cusa illoli shida a kati ɗaya. Alamarta ita ce katin da ake faɗuwa a kai a kai, kuma maganinta a raba shi. Haka nan, yawan sababbin katuna kan tara bashin bita har ɗalibi ya yi watsi da aikin.

Hadda tana da iyaka. Tana sa ma'aikacin lafiya ya haɗa tarin da ya ƙi jin magani da ƙwayar hawan jinin da mutum ke sha, amma adadin da za a ba shi, a littafin magunguna ake tabbatar da shi.