Bidiyo na tsinkewa, sabis kuma lafiya lau: abin da OBS ke faɗi idan kwamfuta ta gaji

Malam yana tsakiyar tafsiri, murya na tafiya daidai, amma hotonsa ya tsaya cak da hannu a sama, sai bayan daƙiƙa biyu ya yi tsalle ya ci gaba. Masu kallo a Facebook suka fara rubuta "babu sabis". Yaron da ke kula da kwamfuta ya sake sayen data, ya canza layi, ya ɗaga waya kusa da taga, abin bai canza ba. Da ya duba ƙasan manhajar da yake aiki da ita, da ya ga wani gargaɗi da ya fara da `Encoding overloaded!`, wanda ke nufin laifin ba na kamfanin waya ba ne. Kwamfutar ce aiki ya fi ƙarfinta.

Manhajar ita ce OBS Studio, wadda Hugh Bailey ya fara rubutawa a 2012. Kyauta ce, kuma da ita masallatai, makarantu, ƙananan gidajen rediyo da masu ɗaukar biki da yawa suke watsa shiri kai tsaye. Kafin hoto ya bar kwamfuta, OBS tana yin ayyuka uku a jere: ta haɗa kyamara da rubutu da tambari su zama hoto ɗaya, ta matse hoton, sannan ta tura shi ta intanet. Na tsakiyan nan, matsewa, shi ne mafi nauyi.

Dalilin nauyin a lissafi yake. Bidiyo hotuna ne da ke bin juna da sauri, kowanne ana kiransa firam. Hoton da ake kira `1080p` yana da ɗigo 2,073,600, kuma idan ana nuna firam 30 a daƙiƙa, ɗanyen bidiyon ya haura megabit 700 a kowace daƙiƙa. Babu layin waya da zai ɗauki wannan. Dole a rage shi zuwa megabit 4 ko 5, wato fiye da sau ɗari, ba tare da fuskar mai magana ta dagule ba. Ana yin haka ne ta hanyar kwatanta kowane firam da waɗanda ke kusa da shi, a aika abin da ya canza kawai: bango bai motsa ba, leɓe da hannu ne suka motsa. Kuma lokaci a ƙayyade yake. A firam 30, kowane firam yana da kusan milisakan 33 a gama da shi; a firam 60, ƙasa da milisakan 17. Idan mai matsewar bai gama ba har na gaba suka taru a layi, OBS ba ta da zaɓi sai ta tsallake wasu. Tsallakewar nan ce mai kallo yake gani a matsayin tsinkewa. Sauti kuwa matse shi ba wahala, shi ya sa murya kan ci gaba da tafiya yayin da hoto ya daskare.

Hanyoyi biyu ake matse bidiyo. Ta farko ita ce a bar wa firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta yi aikin da wata manhaja mai suna `x264`. Ta biyu ita ce a miƙa shi ga wani ɗan sashe da aka ƙera a cikin na'urar hoto musamman don matse bidiyo. Intel ta fara sa nata, Quick Sync, a 2011. Nvidia ta kawo NVENC a 2012. AMD ma tana da nata, haka kwamfutocin Apple. Sashen nan kamar injin markaɗe yake a gidan biki: abu ɗaya ya iya, amma yana gama shi nan take, masu girki kuma hannunsu ya huta su fuskanci tukunya. Firosesa kuwa ita ce ke kula da kyamara, da burauza, da Windows kanta, ga kuma matsewa a ɗora mata.

To me ya sa har yanzu ake amfani da `x264`? Saboda tana da haƙurin bincike. Idan aka ba ta lokaci, tana ƙara tono kamanni tsakanin firam da firam, ta fitar da hoto mai tsabta da data kaɗan. Yawan binciken shi ake zaɓa da matakan da ke cikin OBS: `ultrafast`, `superfast`, `veryfast`, `faster`, `fast`, `medium`, har zuwa `slow` da abin da ya fi shi. OBS kan fara ne da `veryfast`. A nan mutane da yawa suke faɗawa rami, domin wani ya gaya musu `medium` ya fi kyau. Gaskiya ne ya fi kyau a kwamfutar da za ta iya. A wadda ba za ta iya ba, ana samun hotuna masu kyau ɗaya-ɗaya da giɓi a tsakaninsu, kuma wannan ya fi muni a ido nesa ba kusa ba.

Kafin a taɓa komai, sai an gane wane daga cikin ayyukan ukun ne ya gaza. A jerin `View` akwai `Stats`, wadda ke buɗe wani ɗan allo mai ƙirga asarar firam a wurare uku:

```
Frames missed due to rendering lag
Skipped frames due to encoding lag
Dropped Frames (Network)
```

Idan lambar layin farko ce ke hawa, na'urar hoto ce ta kasa haɗa hoton a kan lokaci. Idan ta biyu ce, mai matsewar ne ya gaji. Idan ta uku ce, sabis ne da gaske. A wajen mai kallo duk ukun kama ɗaya suke, amma maganinsu daban, kuma canza mai matsewa layi na biyu yake warkarwa. Wanda ya canza shi alhali layi na uku ne ke ja, ya ɓata lokacinsa. Shi rage `Video Bitrate` yake bukata.

A ɗauki misalin irin laftof ɗin da ta cika kasuwannin kayan hannu: mai firosesa Core i5-6200U, ƙirar 2015. Kawuna biyu kacal gare ta, kuma an tsara ta ne ta yi aiki da wuta kusan wat 15. A ce an saita ta a `1080p`, firam 60, da `x264`. Ana neman ta sarrafa ɗigo sama da miliyan 124 a kowace daƙiƙa, abin da ba za ta iya ba. Task Manager zai nuna firosesar ta maƙale a kusan kashi 100, fanka na ihu, layi na biyu a `Stats` na ta hawa, na uku kuwa yana sifili.

Matakin farko shi ne `Settings`, sai `Output`, sai `Video Encoder`. A nan za a ga `Software (x264)`, a ƙarƙashinsa kuma `Hardware (QSV, H.264)`, domin wannan firosesar tana ɗauke da na'urar hoto ta Intel HD Graphics 520 mai Quick Sync a cikinta. Mutane da yawa sun yi shekaru da laftof ɗinsu ba su san suna da wannan sashe ba. Da zarar an zaɓe shi, mafi yawan nauyin ya sauka daga kan firosesa.

Mataki na biyu rage aikin kansa ne. A `Settings`, sai `Video`, a mayar da `Output (Scaled) Resolution` zuwa `1280x720`, firam kuma zuwa 30. Hoton `720p` ɗigo 921,600 ne, a firam 30 ya zama kusan miliyan 28 a daƙiƙa, wato nauyin ya ragu sau huɗu da rabi. Mutum a zaune yana karatu ba ya bukatar firam 60, kuma yawancin masu kallonsa a waya suke, inda bambancin `720p` da `1080p` da wuya ido ya kama shi. Idan aka sa `Video Bitrate` a 3000 Kbps, hoton zai ci kusan gigabait 1.35 a awa guda, adadin da mai shirin zai iya tsara kuɗinsa a kai. Sai a danna `Reset` a `Stats`, a gwada na minti 15 ko 20.

Tsawon gwajin yana da dalili. Laftof mai sanyi takan yi aiki sumul a mintunan farko, sai zafi ya taru. Firosesar Intel idan ta kusa digiri 100 a ma'aunin Salshiyos takan rage gudunta da kanta don kada ta lalace. A zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, a ɗakin da ya cika da jama'a, da fankar da ƙurar hunturu ta toshe, wannan kan zo da wuri. Alamarsa ita ce shirin ya fara lafiya, sai bayan wani lokaci tsinkewar ta shigo. Haka kuma idan aka ɗauke wuta laftof ta koma kan batir, yawancinsu sukan rage ƙarfi nan take. Sashen matsewa na musamman ya fi jure duka biyun, tunda wutar da yake ci da zafin da yake haifarwa sun yi ƙasa da na `x264`. A share fanka, a ɗaga laftof daga kan darduma ko kafet, a tabbata caja na jone da janareto ko inbata.

Sai dai wannan hanyar ma tana da iyaka. Tsofaffin sassan matsewa, idan data ta yi kaɗan kuma motsi ya yi yawa, sukan fitar da hoto mai ɗan rugujewa zuwa murabba'ai. A wajen karatu ba a cika lura ba. A hawan Sallah, da dawakai da ƙura da taron jama'a, ana gani. Sababbin sun cike giɓin sosai: NVENC da Nvidia ta fitar a 2018 tare da katunan RTX 20, wanda kuma yake cikin GTX 1660, yana gogayya da `x264` a matakanta na tsakiya. Sannan na'urar hoton da ke ɗauke da sashen ita ce kuma ke haɗa hoto, don haka idan an cika allo da tambura masu motsi da tagogin burauza, ko ana wasan kwamfuta mai nauyi, matsalar kan koma layin farko. A nan rage kayan ado, ƙayyade firam na wasan, da buɗe OBS da `Run as administrator` a Windows su ne ke taimakawa.

Wani tarko kuma shi ne yin rikodin a lokacin watsawa. Idan an ba rikodin saiti daban, kwamfutar na matse bidiyon sau biyu. Zaɓin `Same as stream` a `Recording Quality` yana adana wanda aka riga aka matse ba tare da ƙarin aiki ba.

Mai shirin sayen kwamfuta don wannan sana'a kada tambarin Nvidia a jikin laftof ya ruɗe shi. Katin GT 1030 da ƙananan na'urori irin su MX150 da MX250 ba su da NVENC sam. Gwajin mai sauƙi ne kuma ana iya yin sa a shagon: a sa OBS, a buɗe `Video Encoder`, a ga ko akwai layin da ya fara da `Hardware`. Idan babu, wani lokaci direban na'urar hoto ne ya tsufa, sai a sabunta shi a sake dubawa. Idan har yanzu babu, abin da ya rage wa mai wannan kwamfuta shi ne `x264` a `superfast` ko `ultrafast`, da `720p` a firam 30.