Bincike Ba Ya Rage Ladan Sadaka

Akwai maganar da ta zama bargon da ake lulluɓe sakaci da shi a ƙasar Hausa: "Ni dai don Allah na bayar, in ƙarya ya yi shi da Allah." Mutum ne wanda ba ka taɓa gani ba zai tare ka a ƙofar masallaci bayan Magariba, ko ya turo maka saƙo a waya, ya ce matarsa na kwance a asibiti, an rubuta magani na naira 18,000, ba shi da ko sisi. Sai ka zaro abin da ya samu ka miƙa, ka wuce da sauri kamar mai gudun kada a kama shi da tambaya. In wani ya ce da ka ɗan bincika, sai a dube shi kamar wanda ya kawo rowa cikin addini. Wannan fahimta tana buƙatar gyara, domin ita ce jarin masu yawo da takardar asibiti guda ɗaya shekara da shekaru.

Masu wannan ra'ayi suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Suna kawo hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na mutumin da ya fita da sadakarsa da dare har sau uku, ta faɗa hannun ɓarawo, sannan mazinaciya, sannan mawadaci, aka kuma sanar da shi cewa an karɓa. Gaskiya ne, ladan wanda ya bayar da kyakkyawar niyya ba ya zubewa don an yaudare shi. Amma a lura, mutumin nan kuskure ya yi cikin duhu, da gari ya waye ya ji abin da ya faru sai ya sake fita don sadakar ta kai ga mai buƙata. Hadisin yana kwantar da hankalin wanda ya yi kuskure ne, bai ce a rufe ido da gangan ba. Ga kuma hadisin Ƙabisa a cikin Muslim, inda aka taƙaita halaccin roƙo ga mutum uku: wanda ya ɗauki nauyin biyan wata dukiya don sulhunta mutane, da wanda bala'i ya cinye dukiyarsa, da wanda talauci ya kama har mutum uku masu hankali daga cikin mutanensa suka shaida. Ke nan neman shaida a kan mai roƙo ba baƙon abu ba ne a shari'a, daga cikinta ya fito.

Abin da masu cewa "shi da Allah" suke mantawa shi ne ba kai da mai roƙon kaɗai ne a cikin lamarin ba. Akwai mutum na uku da ba a ganinsa. Kuɗin da ka ware don taimako yana da iyaka. Dubu biyar ɗin da maƙaryaci ya karɓa ita ce wadda ba ta kai ga bazawarar layinku ba, wadda kunya ta hana ta buɗe baki. Aya ta 273 a Suratul Baƙara ta yi maganar irin waɗannan, matalautan da wanda bai sani ba yake zaton mawadata ne saboda kamun kai. Sannan duk ranar da asirin mai ƙarya ya tonu, zukatan mutane goma ne ke bushewa, sai mai gaskiya ya zo gobe da ɗansa a kafaɗa a ce masa an saba jin irin wannan.

To yaya za a amsa wa mai takardar naira 18,000? Da farko a amsa sallamarsa da sakin fuska, a ce, "Sannu Malam, Allah Ya ba ta lafiya, mu ga takardar." A duba kwanan wata: takardar da aka rubuta wata huɗu da suka wuce, ta yi laushi ta yage a wajen ninki, ba ta mara lafiyar da ke jiran allura yau ba ce. A duba sunan da ke kai, sannan a tambaye shi sunan matar ba tare da an karanta masa ba, da asibitin, da ɗakin da aka kwantar da ita. Wanda ya kwana a gefen gado ba ya inda-inda a kan waɗannan. Daga nan sai babban gwaji, wanda ya fi duk tambayoyi: a ce masa, "Mu je kyamis in saya maka," ko mafi kyau, "Mu je asibitin in biya a wurin biya." Mai gaskiya murna zai yi, don magani yake nema. Wanda ya fara cewa asibitin da nisa, ko a dai ba shi kuɗin zai fi sauƙi, ko sai wani kyamis ɗin da shi kaɗai ya sani, ya riga ya ba ka amsa. Biya a asibiti ya fi domin maganin da aka damƙa a hannu ana iya mayar da shi kasuwa a karyar da farashi. In kuma ba ka da 18,000, ka sayi guda ɗaya daga cikin abin da aka rubuta, ka nuna masa sashen walwalar marasa lafiya da manyan asibitocin gwamnati suke da shi, ko hukumar zakka, kamar Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano.

In ta waya roƙon ya zo, lambar asusu ce shaidarka ta farko. A Najeriya lamba 10 ce, kuma da ka shigar da ita sunan mai asusun zai bayyana kafin ka tura. In sunan ya saɓa da na mai roƙo, ba lallai ƙarya ba ce, don da yawa ba su da asusu, na mai POS ɗin unguwa suke bayarwa. Amma dalili ne na ka kira, ka nemi a haɗa ka da ma'aikaciyar jinya ko wani ɗan garinku da zai leƙa. Alamomin da suka fi ƙarfi su ne gaggawar da ba ta yarda da minti goma ba, da labarin da ke girma bayan an tura na farko: jiya magani, yau jini, gobe kuɗin mota. Wanda kuwa ya nemi BVN ɗinka ko lambar da banki ya turo maka, wai don ya mayar maka da kuɗi, ba mabaraci ba ne, ɗan damfara ne, a kashe wayar.

Za a ce wannan wulaƙanci ne ga mai gaskiya. Wulaƙancin yana cikin murya ne, ba cikin tambaya ba. Suratul Duha ta hana tsawa ga mai roƙo, ba ta wajabta ba kowa duk abin da ya nema ba. Kada a tara masa mutane, kada a kira shi ɗan 419 a kan zato, kada kuma a ce "dawo gobe" alhali an san ba za a bayar ba. Wanda ya roƙi naira 200 na abinci ba ya buƙatar wannan bincike, a saya masa ya ci. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ko aljihu babu, ka dube shi ka ce, "Malam, a yi haƙuri, Allah Ya hore," ka kai kuɗin gidan da ka san yau ba a ɗora tukunya ba.